Alamar shafi ta san farkon babi, ba ta san ƙarshensa ba

Yawancin littattafan da nake karantawa a fannin nazarin Hausa suna zuwa mini ne a matsayin fayil guda na PDF mai ɗaruruwan shafuka. Irin wannan fayil yana da nauyin buɗewa a waya, yana da wahalar turawa idan sabis ya yi rauni, kuma ɗalibin da aka ce ya karanta babi na uku kawai ba shi da buƙatar sauran. Shi ya sa na saba yanka shi babi-babi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce bin alamomin shafi, wato jerin kanun da ke fitowa a gefen hagu idan aka buɗe fayil, wanda mutum zai taɓa kan babi ya tsinci kansa a shafinsa. A manhajar da ke da fuskar Turanci ana ganin sunansu Bookmarks, a ta Faransanci kuwa Signets.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara sani shi ne iyakar abin da alamar ta ƙunsa. Tana ɗauke da suna, da matsayinta a cikin jeri, da wurin da take nuni gare shi. Ba ta ce komai game da inda babin ya ƙare ba. Fayil ɗin PDF jerin shafuka ne kawai, bai san wani abu wai shi babi ba. Duk manhajar da ta ce za ta raba littafi da alamomi, lissafi guda take yi: babi ya fara daga shafin alamarsa, ya tsaya a shafin da ke gaban alama ta gaba. Galibi lissafin yana fita daidai. Inda bai fita ba kuwa, manhajar ba za ta yi kuka ba, za ta miƙo fayiloli masu kyaun gani, sai ranar da mai karatu ya kai ƙarshen babi ya tarar jimla ta yanke a tsakiya.

Bari in ɗauki misalin da na yi aiki a kansa, wani kundin digiri a kan karin harshen Damagaram, wanda mai shi ya ba rukuninmu izinin rabawa don mu yi bitarsa. Akwai manhajojin da ke yin aikin da danna maɓalli, kamar PDFsam Basic da ake samu kyauta, mai sashen raba fayil da alamomi. Ni dai na fi son in ga lambobin da idona kafin a yanka komai, don haka da pdftk nake farawa:

```
pdftk kundi.pdf dump_data_utf8 output bayani.txt
```

Wannan umarni ba ya taɓa kundin. Yana rubuta bayanansa ne a wani ƙaramin fayil na rubutu zalla, inda kowace alama ke da layi huɗu:

```
BookmarkBegin
BookmarkTitle: Babi na Ɗaya: Gabatarwa
BookmarkLevel: 1
BookmarkPageNumber: 15
```

Wutsiyar umarnin, wato utf8, ba ado ba ce ga mai aiki da Hausa. Idan aka rubuta dump_data kurum, haruffa masu lanƙwasa za su fito a matsayin lambobi: ƙ ta koma ƙ ɗ kuma ta koma ɗ. Ba lalacewa kundin ya yi ba, amma karanta kanun babi a haka ciwon kai ne.

Layi na uku shi ne matsayi. A kundin da nake magana a kai, babuka suna matsayi na 1, ƙananan sassa irin su 2.1 da 2.2 suna matsayi na 2. Wanda ya bar manhaja ta yanka a kowace alama zai tashi da tarin gutsattsari, wasu shafi guda. Amma kada a ɗauka matsayi na 1 shi ne babi a kowane littafi. Akwai littattafan da aka kasa kashi-kashi, inda “Kashi na Ɗaya” ke matsayi na 1, babukan suna ƙarƙashinsa a na 2. Akwai kuma waɗanda sunan littafin kaɗai ke sama, komai na rataye a jikinsa; idan aka ce wa manhaja ta raba irin wannan a matsayi na 1, littafin za ta maido kusan yadda yake. Duba jerin na minti biyu ya isa a gane wane iri ne a hannu.

Layi na huɗu ne ya fi rikita ɗalibai, kuma a nan nake son in daɗe. Lambar da ke wurin ba ita ce aka buga a ƙasan takarda ba. Ƙidaya ce daga shafin farko na fayil, har da bango. Kundin nan yana da shafi 14 na share fage, wato take da sadaukarwa da godiya da tsakure da ƙumshiya, masu ɗauke da lambobin Romawa. Saboda haka shafin da aka buga wa 1 shi ne na 15 a fayil, kuma tazarar 14 tana bin kundin har ƙarshe. Ƙumshiya ta ce babi na biyu yana shafi na 27, alama ta ce 41, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Wanda ya kwashi lambobin ƙumshiya ya ba manhaja, babinsa na biyu zai fara da shafi 14 na ƙarshen babi na ɗaya, ya kuma rasa shafi 14 na nasa ƙarshen. A littafin da aka ɗauki hotonsa daga takarda tazarar ma ba lallai ta tsaya cik ba, domin mai ɗaukar hoton yakan tsallake fararen shafuka ko ya maimaita wani. Nan ne fifikon alama a kan ƙumshiya yake: tana nuni ga shafin kansa, ba ruwanta da abin da aka buga a jikinsa.

Alamomin matsayi na 1 sun ba ni farkon babuka biyar a 15, 41, 98, 131 da 224, manazarta a 247, rataye a 262. Layin NumberOfPages na wannan fayil ɗin bayani ya nuna 286. Lissafin mai sauƙi ne: babi na ɗaya daga 15 zuwa 40, na biyu daga 41 zuwa 97, haka har ƙarshe. Yankan kansa layi guda ne ga kowane babi:

```
pdftk kundi.pdf cat 41-97 output 02_bita_sh27-83.pdf
```

Kafin in rubuta waɗannan layuka, sai na buɗe kundin na duba kowace mahaɗa, shafin alama da wanda ke gabansa. Mahaɗa bakwai ne, kuma biyu daga ciki ba su bi lissafin ba.

Ta farko tsakanin babi na biyar da manazarta take. Marubucin bai buɗe sabon shafi ba: sakin layi na ƙarshe na kammalawarsa yana saman shafi na 247, kan manazarta yana tsakiyar wannan shafin. Da an bi lissafin manhaja, babi na biyar zai tsaya a 246, sakin layin da ya naɗe binciken gaba ɗaya ya tafi cikin fayil ɗin manazarta, inda ba wanda zai neme shi. Ba a raba shafi biyu da irin wannan umarni, don haka magani shi ne a sa shafin a fayiloli biyun: babi na biyar daga 224 zuwa 247, manazarta daga 247 zuwa 261. Maimaita shafi guda ba ya cutar da kowa. Wannan matsala ta fi yawa a mujallu da tarin maƙalu da aka matse don tsimin takarda, da kuma ƙamus, inda sabon harafi kan fara a tsakiyar shafi.

Ta biyu tana babi na huɗu. Alamar tana nuni ga 131, inda rubutu ya fara, alhali shafi na 130 taswira ce ta yankin da aka tattara bayanai, kuma babi na huɗu ne ke ambatonta tun daga layinsa na farko. Alamomin da aka samar kai tsaye daga kanun rubutu suna sauka ne a kan kanun, ba su san taswirar da ta riga su ba. Waɗanda aka saka da hannu kuwa suna sauka a duk shafin da ke buɗe lokacin da mai sakawa ya danna, don haka sukan zame da shafi guda gaba ko baya. Na matsar da iyakar: babi na uku ya tsaya a 129, na huɗu ya fara daga 130.

Akwai wata alamar lalacewa da ake gani tun daga fayil ɗin bayani, wato BookmarkPageNumber mai nuna 0. Ma'anarta sunan yana nan amma manhajar ba ta iya gano shafin da yake nuni gare shi ba, sau da yawa don an cire shafin ko an haɗa fayil ɗin daga wasu ba tare da kula ba. Irin wannan sai a nemi farkon babin da ido.

Sunayen fayiloli ma suna da nasu tarko. Manhajojin da ke ɗaukar kan babi su mayar da shi suna sukan ci karo da ɗigo biyu, da alamar tambaya, da karan tsaye mai karkata, waɗanda Windows ba ta yarda da su a suna ba. Sannan idan sunan ya fara da kalmomi, kwamfuta za ta jera su bisa haruffa, sai “Babi na Biyar” ya riga “Babi na Biyu”, su biyun kuma su riga na ɗaya. Shi ya sa nake farawa da 01, 02, da sifili a gaba, don kada 10 ya shiga gaban 2 a littafi mai babuka da yawa. Haruffa masu lanƙwasa nakan bar su a cikin rubutu in cire su daga sunan fayil, ba don raini ba, sai don fayil yakan ratsa wayoyi da kwamfutoci iri-iri kafin ya isa.

Ragowar sunan da na ba babi na biyu, sh27-83, lambobin da aka buga ne a jikin takarda, kuma don ɗalibi mai kawo hujja na sa su. Da zarar an yanke babi, manhajar karatu takan kira shafinsa na farko 1. Wanda ya ɗauko magana daga shafin da allo ya ce 12 a wannan fayil, abin da zai rubuta a aikinsa shi ne shafi na 38, kuma malamin da ke riƙe da cikakken kundin a can zai neme ta. Haka nan ƙananan alamomin sassa galibi ba sa bin babin da aka yanka ta wannan hanya, kuma mahaɗin da ke kai mai karatu daga babi na biyu zuwa rataye ba shi da inda zai kai shi. Saboda haka nake ajiye cikakken fayil a gefe, ba na share shi.

Gwajin ƙarshe ƙidaya ce. Na tara shafukan fayiloli takwas da suka fito: 14 na share fage, sai 26, 57, 32, 94, 24, 15 da 25. Jimla 287, kundin kuma 286 ne. Ƙarin guda ɗayan shi ne shafi na 247 da na maimaita da gangan. Da jimlar ta gaza 286, da na san akwai shafin da ya faɗi tsakanin fayiloli biyu, kuma yawanci share fage ne ake mantawa, tun da bango ba kasafai yake da alama ba. Nauyin fayilolin kuwa idan an tara shi yakan ɗara na asali, domin kowane babi yana tafiya da nasa kwafin samfurin haruffa, wanda da shi ne ƙ da ɗ da ƴ ke fitowa daidai a wayar da ba ta da shi.