A Fassara Mana Wannan

Saƙon ya shigo bayan la'asar: hoton wata tsohuwar takarda, a ƙasansa kalmomi huɗu, "A fassara mana wannan." Ba a ce zuwa wane harshe ba, ba a ce don wa ba.

Mu biyu ke wannan aiki a ɗan shagonmu na Kano, kuma sabo ya sa in an ce fassara, Turanci muke ji. Takardar da ajami aka rubuta ta, kan wata gona da kakan mai saƙon ya bayar jingina. Muka duƙufa kwana biyu. Muka yi mata irin aikin da kotu ke so: kowane layi a gurbinsa, sunayen shaidu uku, bayanin inda aka dangwala yatsa, da alama a wurin da tawada ta goge, don mai fassara ba ya cike gurbi da zato.

Kalma ɗaya ta fi cin mana lokaci, ita ce jingina. A wurinmu wanda ya ba da kuɗi shi ke noma gonar, har ranar da mai ita ko magadansa suka fanshe ta. Kalmar Turancin da ta fara zo mana ta bashin banki ce, inda gonar ke zama a hannun mai ita. Da mun sa ta, da mun sauya wanda ke riƙe da gonar duk shekarun nan. Muka samo wadda ta dace, muka ji daɗin kanmu.

Da dattijon ya zo karɓa, ya juya takardar, ya dube mu.

"'Ya'yana, wa zai karanta wannan?"

"Baba, ba kotu za a kai ba?"

Ashe gonar tana ƙasar Maraɗi. Magada za su zauna ranar Juma'a da iyalan wanda ya karɓi jinginar, waɗanda ke cewa sayarwa aka yi. Matasan gidan sun kasa karanta hannun tsohon, ga shi babu wasulla. Abin da yake so kawai a mayar da rubutun boko, kalma da kalma, a karanta kowa ya ji "jingina" kamar daga bakin kakansu. Wannan ma ba fassara ba ce, juyi ne, aikin awa ɗaya. In kuma sulhu ya gagara aka tafi gaban hukuma a can, Turancinmu ba zai yi masa amfanin da Faransanci zai yi ba.

Muna iya cewa laifinsa ne da bai faɗa ba. Amma shi ya san gonarsa da mutanensa, bai san takarda ɗaya tana iya fita kashi uku ba. Mu muka sani, muka yi shiru.

Muka zaunar da shi, ɗayanmu na karantawa, ɗaya na bugawa. A layin da tawada ta goge ya ce ya san sunan, maƙwabcin gabas ne. Muka bar gurbin yadda yake, muka ce ya faɗa musu da bakinsa.