Motar da ba ta iya jiran Litinin

Labarin wani yaron unguwarmu ne zan ba ku, kuma yana da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri. Na nemi izininsa kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma in sakaya sunansa.

Yaro ne natsattse, ya gama karatu aiki bai samu ba. Da aka raba musu gadon mahaifinsu, mahaifiyarsa ta haɗa nata kason da nasa ta ce ya nemi mota ya riƙa haya a cikin gari. Ya fi wata biyu yana zagayen wuraren dillalai a nan Kano, duk Korolar da ya taya sai a ce masa albarka, domin a lokacin 'yar Kwatano ƙirar 2010 mai lafiya ana kiran miliyan tara zuwa goma, shi kuwa abin da ke hannunsa bai wuce bakwai da rabi ba.

Wata Alhamis yana zaune a wurin wankin mota na abokinsa, sai ga wani dattijo ya shigo da Korola ruwan toka. Mutum mai fara'a, da farin yadi da carbi a hannu. Ya gaisa da kowa, ya zauna a benci ɗaya da yaron, hira ta ɓarke. Da ya ji sunan garin su mahaifin yaron sai ya riƙe baki, ya ce ai a can ya yi makarantar allo. Ya aika aka sayo tsire, ya ce sai sun ci tare. Ya tambayi lafiyar Hajiya, ya yi wa marigayi addu'a. Maganar mota ba ta fito daga bakinsa ba sai da yaron ya yaba ta da kansa.

"Ƙanena, ai rabuwa zan yi da ita," in ji shi. "Ta yayana ce, yana Saudiyya, iyalinsa ke asibiti a nan. Da dillali ne zan ce tara, amma kai ɗan gida ne. Kawo bakwai, Allah Ya sa mata albarka."

Ya buɗe aljihun mota ya fito da takardu a cikin leda, an jera su tsaf: takardun kwastam, shaidar mallaka, lasin mota, takardar lafiyar mota ta 'yan bi'ayo, inshora. Ya miƙa masa makulli ya ce ya zaga da ita. Inji shiru, giya na shiga lafiya, na'urar sanyi na aiki. Sharaɗi ɗaya ne kawai, cewa kuɗin asibiti ba sa jira, don haka a ba da kafin alƙalami miliyan ɗaya gobe Juma'a bayan an sauko, a cika ranar Asabar a ɗauki mota.

Ku lura da ranakun nan. Daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin ba ofishin kwastam ko na lasin mota da za ka je ka tarar da mai duba maka fayil. Ban yarda cewa haɗuwa ce kawai ta sa ya zaɓi waɗannan ranaku ba. Amma abin da ya fi ranakun ɗaure yaron shi ne tsiren nan da addu'ar nan. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a titsiye babba, kuma mutumin da ya ciyar da kai ya kira ka ƙanensa, da wane ido za ka dube shi ka ce masa mu je a tantance takardunka? Yaron ya gaya mini cewa tambayar ta zo masa har baki, kunya ta mayar da ita. Wannan kunyar abu ce mai kyau a wurinta, kuma ita ɗan damfara ya zo nema tun kafin ya nemi kuɗi.

Abin da ya cece shi mahaifiyarsa ce. Ta ce ba za a taɓa ko sisi ba sai ƙaninta ya ga motar. Kawun nan bakanike ne, ya daɗe yana aiki a wajen Ƙofar Ruwa. Da safiyar Juma'a aka haɗu, dattijon ya zo da fara'arsa, har da cewa haka ya kamata a yi.

Kawu bai fara da inji ba. Ya karɓi takardu, ya nemi lambar shasi, wadda ake rubuta VIN a gabanta. Lamba ce mai gurbi goma sha bakwai, haruffa da alƙaluma a gauraye, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta don kada su rikice da 1 da 0. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, irin yawancin Korolar da ke shigo mana, gurbi na goma shi ne shekarar ƙira: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, B 2011. Lambar da ke takarda tana da A a gurbi na goma. Ya leƙa ƙaramin ƙarfen da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, lamba ta yi daidai da ta takarda. Yaron ya ce a nan ya saki ajiyar zuciya, ya ɗauka an gama.

Kawu kuwa ya buɗe ƙofar direba ya durƙusa. A jikin ginshiƙin ƙofa akwai takardar da kamfani ke mannawa, mai ɗauke da lambar shasi da wata da shekarar da aka ƙera motar. Babu ita, sai gurbinta da sabon fenti a kai. Dattijo ya ce mai fenti ne ya ɓare ta. Hakan na faruwa, don haka Kawu bai ce komai ba. Ya sa yaronsa ya ɗauko na'urar duba lafiyar mota, ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya karanto lambar shasin da ke ajiye a ƙwaƙwalwar motar. Wata lamba daban ta fito, mai 9 a gurbi na goma. Korolar 2009 da ta 2010 jikinsu kusan ɗaya ne, ido ba zai raba su cikin sauƙi ba.

Ko wannan ma ba hujja ba ce ita kaɗai, kuma Kawu da kansa ya faɗa. Ƙwaƙwalwar mota na lalacewa a sayo ta wata motar a sa, sai ta zo da lambar tsohuwar motarta. Amma sai ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe ya duba ƙyallen da ke ɗinke a gindinsa, inda ake buga shekarar da aka yi shi, ya ga 2008. Motar ƙirar 2009 tana iya ɗaukar bel na 2008, domin tun a shekarar aka fara ƙera ta, ta 2010 kuwa da wuya. Alama uku ke nan a mota ɗaya, duk suna nuni wuri guda: an canza ƙarfen gaban gilashi don ya dace da takarda.

A nan nake so matasanmu su fahimci yadda takardar jabu take a yau. Mun saba tunanin cewa za a ga rubutu a karkace ko hatimi a dusashe. Masu wannan sana'a sun wuce nan. Sukan samo kwafin takardun wata mota ta gaskiya da aka biya wa kuɗin fito a tashar Tin Can ko Apapa a Legas, su buga irinsu, sannan su mayar da lambar motar sata ko ta fasa-ƙwauri ta koma irin ta takardar. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa na tudu, motocin da aka ci gaba da tsallakowa da su ta daji kuwa dole a nema musu takarda ta wata hanya. Saboda haka kyan takarda a hannun mai sayarwa ba ya tabbatar da komai. Wanda ya bayar da ita ne kaɗai zai iya cewa tasa ce. A takardar kwastam mai suna SGD akwai lambar da ta fara da harafin C, da shekarar biya, da tashar da aka biya. Da waɗannan ukun ake zuwa ofishin kwastam a duba a na'ura a ga wace mota aka biya wa, da wace lambar shasi, da nawa aka biya.

Yaron ya ce mini ai shi ya duba lambar motar a shafin hukumar kiyaye haɗurra tun daren Alhamis, aka nuna masa lambar tana da rajista kuma ta Korola ce. Gaskiya ne, amma iyakar abin da binciken ya gaya masa ke nan, cewa akwai wata Korola mai wannan lamba. Bai gaya masa ko ita ce a gabansa ba. Inshora ma ana duba ta a askniid.org, kuma yana da kyau a duba, sai dai duk binciken waya taimako ne kawai, ba ya maye gurbin durƙusawa a gaban mota da zuwa ofis da ƙafa.

Kawu ya miƙe ya goge hannu, ya ce cikin ladabi, "Alhaji, mota ta yi kyau, muna so. Amma mu bari sai Litinin mu je kwastam da ofishin lasin tare. Sannan a haɗa mu da yayan naka a waya mu ga fuskarsa da katin shaidarsa, tunda sunansa ne a takarda. Kuɗi kuma asusun mai wannan sunan za mu tura."

Lambar asusun da dattijon ya ba yaron tun farko, sunan da ke kanta ba nasa ba ne, ba kuma na yayan ba ne, na wani mutum na uku ne. Fara'a ta ɗauke. Ya ce an ci mutuncinsa, shi da ya ɗauki yaro ɗan'uwa. Ya ce akwai mai jira da kuɗi a hannu, ya karɓe takardunsa ya ja mota. Kafin la'asar wayarsa ta daina shiga, har yau kuma ba ta sake shiga ba.

Da cinikin ya faɗa, ba kuɗin kaɗai za a rasa ba. Wanda ya sayi kaya a hannun ɓarawo bai mallake su ba, ko a dokar ƙasa ko a shari'ar Musulunci, ranar da mai abu ya gane abinsa da hujja zai karɓa. In ta fasa-ƙwauri ce, kwastam na iya kama ta a kowane shinge. Kuma kafin ka gamsar da 'yan sanda cewa ba ka san ta sata ba ce, sai ka kwana a bayan kanta, araharta ma ita za a fara kafa maka hujja da ita. Uwa mai takaba da ta ba da gadonta ba ta da inda za ta sake samo wani.

Kawu ya riga ya ɗauki hoton lambobin biyu a wayarsa, kuma ya sa yaron a gaba sun kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar. Na yaba masa wannan ƙwarai, domin yawancinmu in Allah Ya kuɓutar da mu sai mu yi hamdala mu yi shiru, motar kuma ta tafi wurin wani yaron da ba shi da kawu bakanike.

Roƙona ga iyaye da yayye shi ne, duk yaron da ya zo muku da zancen ya samu mota a hannun wani bawan Allah mai kirki, kada ku bar shi ya tafi shi kaɗai. Ku haɗa shi da bakanike mai na'ura, a gwada lambar shasi a kowane wuri da take a jikin motar, a je kwastam da ofishin lasin a ranar aiki, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, sannan a biya ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda. Ku tura wa duk wanda kuka san yana tara kuɗin mota.