Fu biyu da ba su haɗuwa

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin ƴan fada masu buga eshek: wai in aka rage da fu ɗaya-ɗaya, na wannan yana bin fararen gidaje, na wancan yana bin baƙaƙe, to a miƙa hannu kawai, kunnen doki ne. Ni dai ban yarda da wannan "kawai" ɗin ba. Maganar tana da gaskiya, amma gaskiyar tana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba yakan bar wasan da ya riga ya ci, ko ya sallama wanda da ya tsira.

Da yake harsuna nake karanta, sunan ma yana ba ni dariya. Mun aro "fu" daga Faransanci, inda yake nufin wawan sarki, alhali Larabawa giwa suke ce masa. Ko me aka kira shi, halinsa ɗaya: a karkace yake tafiya, kuma launin gidan da ya tashi a kai shi zai bi har a tashi wasa. Gida 32 cikin 64 ba zai taɓa taka su ba. Shi ya sa fu ɗina ba ya iya korar naka, ba ya iya musanya da shi. In sarkinka ya zauna gaban piyon ɗina a gidan da fu ɗina ba ya gani, ba mai tashinsa. Da rarar piyon ɗaya, kusan kullum kunnen doki ne.

Da piyon biyu masu maƙwabtaka fa? Ku jera wannan a kan allo. Mai farare yana da sarki a d4, fu a h4 (na baƙaƙen gidaje), piyon a d5 da e5. Mai baƙaƙe yana da sarki a d7, fu a f7 (na fararen gidaje), ba shi da piyon ko ɗaya. A ido, mai farare ya ci. A gaskiya ba shi da hanya.

In ya tura d5 zuwa d6, piyon biyun sun hau baƙaƙen gidaje ke nan, sai fu ya zauna e6, sarki yana d7, ƙofa ta rufe har abada. In ya tura e5 zuwa e6, fu ya cinye shi, piyon na d5 ya cinye fu, sarki kuma ya cinye piyon. Saura sarki da fu kaɗai, su kuwa ba sa iya kashe sarki. Abin da mai farare yake bukata shi ne sarkinsa ya zagayo f5 ko f6 ya tsare e6 kafin turawa. To amma da ya ɗaga daga wajen d5, fu zai cinye shi. Fu ɗin f7 aiki biyu yake yi a layi ɗaya: yana hana e6, yana kuma ɗaure sarkin abokin gaba da gadin d5. Mai baƙaƙe sai ya riƙa kai da komo tsakanin f7 da g8, yana kurɓar shayinsa.

Yanzu ku matsar da komai sahu ɗaya gaba. Piyon suna d6 da e6, sarkin farare a e5, fu a h4, sarkin baƙaƙe a e8. Gidan da fu mai tsaro zai yi aikin nan biyu shi ne c8, inda yake hana d7 yana kallon e6. Sai dai c8 bakin allo ne, babu gida a bayansa da zai ja ya dawo. Mai farare ya matsa fu zuwa g5, ya bar maka hannu, kuma a eshek ba a cewa "na wuce". Ka ɗauke fu zuwa b7, piyon ya shiga d7 da eshek, ya zama sarauniya. Ka matsa sarki f8, nan ma d7, ka ba da fu a banza. Ke nan bambancin tsira da mutuwa sahu ɗaya ne tak. Shi ya sa idan ni ne mai tsaro, ba na jira su iso sahu na shida. Tun suna na huɗu nake neman gidan da fu zai tsaya a gabansu, ba a bayansu ba.

Idan piyon biyun a rarrabe suke, tambayar da nake yi ita ce: fu zai iya tare su duka a diyagonal ɗaya? In zai iya, kuma sarki yana kusa, yawanci an tsira. In akwai layi uku ko fiye tsakaninsu, galibi sarki ne zai tsaya wa ɗaya, fu ya tsaya wa ɗaya, sai sarkin mai rara ya tafi wajen da fu yake shi kaɗai, ya tilasta masa ba da kansa.

Wasan Topalov da Shirov a Linares a 1998 ya nuna yadda ake karya diyagonal ɗin. Shirov ke da baƙaƙe: sarki a e6, fu a f5, piyon a a4, d5, f6 da g6. Topalov yana da sarki a g1, fu a c3, piyon a g2 da h4. Daga c3, fu yana tsare a1 da d4 a layi ɗaya, kuma da sarkinsa ya iso tsakiya an gama, kunnen doki. A taki na 47 Shirov ya aje fu ɗinsa a h3, a bakin piyon, kyauta. Dalili: fu ɗin ya tare wa sarkinsa f5, kuma lokacin da Topalov ya ɓata wajen cinyewa ya ishi sarki ya bi f5 ya kai e4. Fu ya cinye f6, sai piyon ya sauka d4 ya datse diyagonal ɗin. Daga nan fu ɗaya ya kasa bin piyon biyu, Topalov ya sallama bayan taki na 53. Wanda ya ci shi ne wanda ba shi da fu kwata-kwata. A irin wannan ƙarshen ba yawan piyon ake ƙirgawa ba, ana duba waɗanda suka sami hanya da kuma sarkin da ya riga isa.

In kuwa sarauniyoyi ko tur suna kan allo, lissafin juyewa yake yi. A ce fu ɗina yana d3, sarauniyata tana h5, duka suna kallon h7, farin gida. Fu ɗinka na baƙaƙen gidaje ba zai taɓa kare h7 ba, ba zai tare hanyar fu ɗina ba. A wannan kusurwar ina da mayaƙi ɗaya fiye da kai. Abin da ke ceton mai tsaro a ƙarshen wasa shi ke kashe shi a tsakiyarsa. Don haka wanda ake matsa wa ya nemi a musanya sarauniyoyi ko da zai rasa piyon, wanda ke kai hari kuma ya ƙi.

Saboda haka, abokaina, in wani ya miƙo muku hannu don ya ga fu masu launi daban, ku ce ya dakata tukuna. Ku duba ko akwai manyan mayaƙa da suka rage, ku duba sahun da piyon suka kai, ku duba ko diyagonal ɗaya ta ishi mai tsaro. Hannun yana nan, ba inda zai je.