Ranar da Taɓarya Ta Yi Shiru

Mu uku aka haɗa a aji, aka ce mu rubuta wasan kwaikwayon rediyo na minti biyar, mu ɗauke shi, mu kawo bayan hutu. Dukanmu daga ƙauyukan wajen Dambatta muka fito, inda gona ke manne da gona, sai ɗan layin gamba ke nuna iyaka. Don haka labari bai ba mu wahala ba. Wani magidanci ne bashi ya ci ƙarfinsa, ya jinginar da gonar gado bai gaya wa kowa ba, yau kuma dole ya faɗa wa matarsa. Muka ɗauka abin ya zo da sauƙi, tunda mun taso rediyo na rataye a wuyan iyayenmu a gona, mun kuma sha jin manya suna labarin Samanja na gidan rediyon Kaduna.

Rubutunmu na farko abin kunya ne. Mun sa matar tana cewa, "Ga ni nan a tsakar gida ina daka gero, ga Malam can yana shigowa, fuskarsa ba walwala." Da muka karanta wa wata yayarmu sai ta fashe da dariya, ta ce, "To ita da wa take magana? Ko aljanu ne da ita?" Gaskiyarta. Ba macen da ke daka tana sanar da kanta cewa daka take yi. Mun tsorata ne da cewa mai sauraro ba ya gani, sai muka cusa wa 'yan wasa aikin idanu a baki.

Muka goge duk wannan, muka tambayi kanmu: in ka rufe ido a tsakar gidanku da hantsi, me zai gaya maka inda kake? Turmi da taɓarya, da kaji, da kukan akuya daga turke. Waɗannan ukun sun isa. Da fari mun so mu ƙara jaki da babur da mai tallan ƙosai, amma da muka haɗa sai gidan ya koma kamar kasuwar Dambatta ranar Lahadi, maganar mutane ta nutse. Muka bar daka a gaba, kaji can baya ƙasa-ƙasa, akuya sau ɗaya tak. Shigowar mijin kuwa ba ta buƙaci bayani ba. Ya yi sallama yana nesa da wayar da muke ɗauka da ita, kamar taku shida, ya ƙaraso yana magana har ya zo dab da ita. Kunne da kansa ya san mutum ya taho daga zaure.

Inda muka daɗe shi ne wurin da zai faɗi maganar. A talabijin da sai a nuna fuskarta kawai. Mu kuma ba mu da fuska. Mun gwada sa ta ta yi salati, mun gwada kuka, duk sai suka fito kamar na ƙarya. Muna cikin gardama a zaure, cikin gida ana daka, sai wani yaro ya shiga da saƙo, dakan ya tsaya cak. Dukanmu muka ɗaga kai, ba wanda ya ce mana komai amma mun san an faɗi wani abu a ciki. Ga yadda muka rubuta wurin a ƙarshe:

SAUTI: DAKA, A HANKALI, BA TSAYAWA. KAJI DAGA NESA.
UWARGIDA: Malam, ba ka ce yau za a fara kai taki gonar Baba ba?
MAIGIDA: Gonar... ba ta hannunmu bana.
SAUTI: DAKA YA TSAYA. KAJI KAWAI, DAƘIƘA UKU.
SAUTI: AN JINGINA TAƁARYA DA BANGO.
UWARGIDA: (ƙasa-ƙasa) Tun yaushe?

Ku lura, shirun nan ba zai yi aiki ba in da ba a yi daka kafinsa ba. Mun bar taɓarya tana sauka kusan rabin minti tun farkon fitowar, har kunne ya saba da ita ya manta tana nan. Ɗaukewarta ce ke gaya wa mai sauraro hannun matar ya mutu. Da mun fara dakan layi ɗaya kafin maganar, ba wanda zai ji rashinsa.

Tsawon shirun ma sai da muka auna. Daƙiƙa ɗaya ta yi kama da mai daka ta tsaya gyara hatsi a turmi. Muka kai shi shida, muka kunna wa kakar ɗayanmu, sai ta miƙo hannu tana cewa, "Kai ɗan nan, abin naku ya mutu." Uku ta zauna daidai. Amma wani kuskuren ne ya fi sa ta faɗi haka. Wajen haɗawa mun yanke komai a gurbin, har da kajin, sai wurin ya zama wayam kamar tasha ta ɗauke. A rediyo irin wannan shirun alamar matsala ce, mai sauraro zai fara murɗa akwatinsa ne. Shirun tsakar gida kuwa yana da kaji a ciki, da ɗan motsin iska. Muka koma muka ce kowa ya kame bakinsa, muka ɗauki tsakar gidan ita kaɗai na rabin minti, muka shimfiɗa ta ƙarƙashin fitowar gaba ɗaya, daga farko har ƙarshe. Da muka sake kunnawa, tsohuwar ba ta taɓa wayar ba. Cewa ta yi, "Wayyo, baiwar Allah."

Akwai kuma inda sauti ya ba mu kunya. Mun so mu nuna hatsin gidan ya kusa ƙarewa, sai muka ɗauki ƙarar zuba gero a kwano. Muka tara ƙannenmu biyar, ba mu yi musu bayani ba, muka ce kowa ya faɗi abin da ya ji. Biyu suka ce ruwan sama ne a kan kwanon rufi, ɗaya ya ce suya ake yi, sauran suka yi zuru. Daka kowa ya gane shi nan take, domin ba abin da ke kama da shi. Zubar hatsi kuwa tana da 'yan uwa da yawa. Maganinta kalma ce ƙwaya ɗaya kafin sautin, matar ta ce wa 'yarta, "Miƙo min tiyar nan." Daga nan kowa ya ji gero, da ƙarar kwano yana kankarar gindin buhu. Fartanya kuma muka haƙura da ita gaba ɗaya, don ƙasarmu jigawa ce, saran ba ya fita a waya, ga iskar fili tana ta bugun makirfo duk da safar da muka sa masa.

Har yanzu ba mu daidaita a kan jingina taɓaryar nan ba. Ɗayanmu na ganin ƙarar ta rage wa shirun nauyi, gara matar ta yi magana kai tsaye. Mu biyu muna ganin ita ce ke nuna ta juyo ta fuskanci mijin. Mun miƙa aikin da ita a ciki, don mun fi shi yawa.