Mako guda ana cinikin Korola a Jikwoyi

Litinin

Ƙanena ya ga wata Korola tokumbo a bakin titin Karshi, kusa da mahaɗar Jikwoyi, kuɗinta ƙasa da na sa'o'inta sosai. Dillalin ya ce mai ita ne ya matsu. Na ce wa ƙanena kada ya ba da ko sisi sai bakanike ya gani.

Talata

Bakanikenmu ko bonet bai buɗe ba. Ya zauna a kujerar direba, ya laluba makamar buɗe bonet ɗin, sai ya same ta can gefen fasinja. Ya taɓa sandar sigina, ga ta a dama, ta waifa kuma a hagu. Ya ce, "Yallaɓai, wannan juyayya ce. Sitiyarinta a dama aka ƙera ta."

Sannan ya nuna mana bangon da ke tsakanin inji da ɗaki: tsohon ramin sitiyari an toshe shi da walda an shafe da baƙin fenti, an huda sabo a hagu. Bututun birki an yi masa ƙari don ya kai inda aka mayar da feda. Nan ne abin tsoron, in ji shi, domin mahaɗin yakan fara tsatsafo da mai a hankali, birki ya riƙa yin laushi, sitiyari kuma ya soma wasa bayan 'yan watanni a ramuka.

Laraba

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Gowon, Najeriya ta bar tuƙin hagu irin na Ingila ta koma hannun dama. Dokokin hanya sun hana yi wa mota mai sitiyari a dama rajista, hukumar FRSC kuma ta sha nanata haka. Shi ya sa masu shigo da motocin Ingila da Japan ke juya su kafin a je neman lamba.

Wadda ba a juya ba ma da nata haɗarin. Direba yana zaune ta gefen kwata, in zai wuce tifa a hanyar Orozo sai ya fitar da kusan rabin motar kafin ya hango mai zuwa.

Alhamis

Da magariba muka haska fitilun Korolar a jikin katanga. Hasken ya ɗaga ta hagu, wato cikin idon mai tahowa, gefen dama inda masu tafiya a ƙasa suke kuwa duhu. Waifa ma ta bar kusurwar gilashin da ke gaban direba ba ta share ba. Da damina wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Asabar

Dillali ya sake rage kuɗi har ƙanena ya fara lallashina. Na tambayi wani mai sayar da motoci nawa zai karɓe ta baɗi. Ya ce juyayya ba ya ajiye ta a filinsa, domin duk mai saye da bakanike yake zuwa, sai dai a kai ta Apo a sayar da inji da giya daban. Ƙanena ya ce zai ƙara tara kuɗi zuwa bayan salla.