Kwaɓinki bai tashi ba? Kafin ki zubar da fulawa, karanta wannan

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu ɗan taɓa sana'ar fulawa a ɗaki. Tun da hunturu ya shigo, tambaya ɗaya ke ta maimaituwa a akwatin saƙona: “Na kwaɓa burodi ya ƙi tashi, me ya faru?” Maimakon in riƙa amsa wa kowa daban, bari in zauna in rubuta sau ɗaya. Rubutun zai yi ɗan tsawo, a yi haƙuri. Maza masu sana'ar, ku ma da ku nake.

Ni 'yar Kagara ce, ina karatu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ina zaune a wajen makaranta a Bosso. Da burodi da fanke da alkubus nake samun kuɗin mota zuwa Gidan Kwano da na hoton takardu. Wanda ya san yadda fulawa ta yi tsada ya san cewa kwaɓi ɗaya ya lalace, jarin sati ne ya tafi. Shi ya sa ba na ɗaukar maganar da wasa.

Abu na farko da za ki riƙe: yis mai rai ne. Ba kamar bekin foda ba ne, da ke aiki da zarar ya taɓa ruwa da zafi. Yis ƙananan halittu ne da aka busar suna barci. Idan suka sami ruwa da ɗumi sai su farka, su ci sukarin da ke cikin kwaɓi, su fitar da iska. Danƙon fulawa ne ke kama wannan iskar, kwaɓi ya kumbura. To idan bai kumbura ba, ɗayan uku ne: ko yis ɗin ya mutu, ko yana da rai amma sanyi ya hana shi aiki, ko kwaɓin kansa ne ya danne shi. Kowanne da alamarsa, kowanne da maganinsa.

Bari in ba ku misalin da ya faru a gidan da nake haya. Akwai wata ƙanwata, 'yar garinmu, da ke shekarar farko. Ta karɓi aikin burodi na taron ƙungiyarsu, ta kwaɓa fulawa kilo 2 da azahar. Bayan la'asar ta ƙwanƙwasa min ƙofa, idonta ya kawo ruwa.

“Yaya, awa biyu ke nan, ko motsi bai yi ba. Kuma kuɗin mutane ne.”

Na je na duba. Kwaɓin na nan kamar yadda ta ajiye shi, na danna yatsa ramin ya tsaya, kuma ba ya ƙanshin nan na yis mai ɗan tsami-tsami. Na tambaye ta da wane ruwa ta kwaɓa. Ta ce ta sirka, har ta wanke hannu da shi. Ke nan ba ruwa ne ya kashe shi ba. Na ce ina yis ɗin? Sai ta ɗauko min ƙullin leda, irin wanda ake aunawa a shago. Da shi ta zo daga gida tun farkon samista, yana ajiye a kan taga.

A nan matsalar take, kuma mu da muke saye a ƙauye ko ƙaramin gari mun fi faɗawa cikinta. Yis yana zuwa ne a babban fakiti na giram 500 da aka zuƙe wa iska, shi ya sa za ki ji shi da tauri kamar bulo. Mai shago ya buɗe, ya ƙulla a ƙananan ledoji don talaka ya iya saye. Ba laifinsa ba ne, amma daga ranar da aka buɗe, iska da laima da zafi sun fara kashe shi. Ba ki san ranar da aka buɗe ba. Ki haɗa da zafin bayan mota daga Kagara, a bi ta Tegina da Zungeru kafin a iso Minna, sannan wata biyu a kan taga rana na dukansa.

Ba mu tsaya gardama ba, muka gwada. Gwajin minti goma ne kacal. Ruwa mai ɗumi rabin kofi, sukari cokalin shayi ɗaya, yis cokalin shayi biyu, a juya a rufe. Mun yi kofi biyu, ɗaya da nata, ɗaya da nawa da ke cikin kwalba. Bayan minti goma nawa ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu, ya kusa ninka tsayinsa. Nata kuwa ya kwanta a ƙasa, ruwan ya yi launin ƙasa, sai 'yan ƙwayoyin kumfa a gefe. Magana ta ƙare.

Yanzu abin da mutane da yawa ba su sani ba: kwaɓin da yis ɗinsa ya mutu bai lalace ba. Fulawa da sukari da bota duk suna nan lafiya. Ga abin da muka yi. Kilo 2 yana buƙatar yis kamar giram 28, wato cokalin cin abinci uku a shafe. Muka jiƙa shi a ruwan ɗumi rabin kofi da ɗan sukari, da ya yi kumfa muka zuba fulawa kofi ɗaya muka dama ya yi kauri. Sai muka yayyanka tsohon kwaɓin ƙanana, muka riƙa shafa masa wannan haɗin muna murzawa. Da farko zai yi santsi ya manne a hannu kamar ba zai haɗu ba, ki ci gaba, ki ɗan barbaɗa fulawa. Minti goma sha biyar muka yi kafin ya koma dunƙule ɗaya mai laushi. Kada ki barbaɗa busasshen yis a kan kwaɓin da ya riga ya haɗu, ba zai narke daidai ba, ƙwayoyinsa za ki gani a cikin burodin.

Sai matsala ta biyu, wadda ita ce ta wannan lokacin: sanyi. Ta ajiye robar ne a kan siminti, ta rufe da busasshen tsumma. Siminti yana zuƙe ɗumin kwaɓi, iskar hunturu kuma tana busar da samansa ya yi ɓawo, ɓawon ya hana shi buɗewa. Yis ya fi sakewa a tsakanin digiri 25 zuwa 30. Idan ɗaki ya yi sanyi ba mutuwa yake yi ba, nawa kawai yake yi, abin da zai yi a awa ɗaya sai ya ɗauki uku. Muka shafa wa kwaɓin mai, muka rufe bakin robar da leda muka ɗaure, muka ɗora ta a kan tukunyar ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, muka lulluɓe da bargo. Awa ɗaya da rabi ya ninka. Ta gasa da daddare a tukunya da yashi a kan gawayi, ta kai wa mutane kayansu da safe.

Wannan dabarar ba sabuwa ba ce. Iyayenmu masu waina a Kagara kusa da murhu suke kwantar da ƙullu da sanyi, a lulluɓe, su kuma matsar da shi inuwa da bazara. Ba su taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, amma ƙa'idar ɗaya ce.

Sai dai a kula, tsoron sanyi ne ke sa wasu su kwaɓa da ruwan zafi daga hita. Daga wajen digiri 55 zuwa 60 yis ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ruwan da ake so kamar ɗumin jiki ne ko sama da shi kaɗan, digiri 37 zuwa 40. Ki tsoma yatsa ki ƙirga goma. Idan kin ji kina son cirewa, ya yi zafi, ki ƙara sirkawa. Idan kina shakka, gara ya yi sanyi, don sanyi jinkiri ne kawai.

Na uku shi ne kwaɓin kansa. Ga ma'aunin da nake aiki da shi a fulawa rabin kilo: yis giram 7, wato cokalin shayi biyu da ɗan ƙari, gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, sukari cokalin cin abinci uku zuwa huɗu, bota cokali biyu, ruwa mil 300, wato fiye da rabin ledar fiya wata da kaɗan. Gishiri da sukari duk suna janye ruwa daga jikin yis. Mu kuma muna son burodi mai zaƙi, sai a cika sukari. Da zarar sukari ya wuce kashi goma cikin ɗari na nauyin fulawa, tashin zai yi nawa sosai. In dole sai kin yi mai zaƙi, ki ƙara yis da rabin abin da kika saba, ki kuma ba shi lokaci. Gishiri kuwa ki gauraya shi da fulawa tukuna, kada ki zuba shi cikin ruwan da kika jiƙa yis.

Haka ma taurin kwaɓi. Da hunturu fulawa ta fi bushewa, tana shan ruwa fiye da na damina. Idan kwaɓinki ya yi tauri kamar na cincin, iskar ba za ta iya ɗaga shi ba. Ya kamata ya ɗan manne a yatsa ya saki. Murza kuma ki yi minti goma zuwa goma sha biyar da hannu. Ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali: idan ya miƙe ya yi siriri har kina ganin haske ta cikinsa, ya murzu. Idan ya tsinke nan take, da saura.

Ki ajiye wannan don watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Minna ke kusantar digiri 40. A lokacin matsalar juyawa take yi. Ki kwaɓa, ki tafi lakca, ki dawo ki tarar ya tashi ya faɗi, yana warin tsami mai hawa hanci. Wannan ya wuce ne, ba ƙin tashi ya yi ba. Da bazara ki kwaɓa da ruwan randa, ki rage yis, kada ki bar shi ya jira ki. Yatsa ya fi agogo gaskiya: ki danna, idan ramin ya ciko nan take bai isa ba, idan ya ciko a hankali ya bar ɗan gurbi ya yi daidai, idan ya lotsa ya saki iska ya wuce. In bai yi tsami sosai ba, ki sake dunƙula shi, ki ba shi ɗan lokaci kaɗan ki gasa.

Game da saye, shawarata ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, ku shiga Kasuwar Kure ku sayi cikakken fakiti. Ku duba kwanan watan lalacewa, ku matsa shi: in ya yi laushi iska ta shiga, ku ajiye ku ɗauki wani. Ku raba a busassun kwalabe masu murfi. Mai firij ta sa a ciki, marar shi ta sa a wuri mafi sanyi da duhu a ɗaki, nesa da risho da taga, ta yi ƙoƙarin ƙarar da shi cikin 'yan makonni. Cokali mai laima kada ya shiga kwalbar. In kuma ƙulli ne kaɗai kike iya samu, ba komai, amma ki gwada kafin ki taɓa fulawa. Cokali biyu na yis da minti goma sun fi kilo 2 arha.

Wadda kwaɓinta ya ƙi tashi a yanzu, ta rubuto min abu huɗu a ƙasa: yawan fulawa, yawan sukari da gishiri, irin ruwan da ta sa, da inda ta ajiye robar. Zan duba bayan isha'i in sha Allahu. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a neman.