Ba Haƙuri Kaɗai Ake Bin Mai Aiki Ba

Wani dare cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa, aka kawo wani yaro asibiti yana ta fizge-fizge. Nas ɗaya ce tak ke aikin dare, ga gadaje cike. Ta kwantar da yaron, ta aika a kira likita. Amma ɗakin magani a kulle yake, mai mabuɗi ya tafi gida. Da uban yaron ya ji an ce babu allura sai an nemo mabuɗi, sai ya dinga zaginta, ya kwaɗa mata mari har kunnenta ya toshe.

Da gari ya waye ta kai kuka wurin shugaban asibitin. Ya ce, “’Yata, ki yi haƙuri, tashin hankali ne ya sa shi.” Da dare ta koma aiki, ita kaɗai kamar jiya.

To, wanda ya yi marin ya yi laifi, ba shakka. Amma ba ita ta kulle ɗakin magani ba, ba ita kuma ta tsara a bar mutum ɗaya da dare ba. Haka yake ga yaron kanti. Mai kanti shi ke yanka farashi, shi ke hana mayar da kaya, amma yaron ke shan zagin masu saye. Watau kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Saboda haka hakkinta na farko shi ne a gyara abin da ya jawo marin, a bar mabuɗi kusa, a haɗa ta da abokiyar aiki da mai gadi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi wata yarjejeniya a 2019, Nijeriya ta amince da ita a 2022. Ta ɗora wa masu ba da aiki nauyin kare ma’aikaci daga cin mutunci, ko da daga majinyaci ko mai saye ya fito.

Na biyu shi ne magani da diyya. Dokar diyyar ma’aikata ta 2010 ta sa mai ba da aiki ya riƙa zuba naira ɗaya cikin kowace ɗari ta jimlar albashi a wani asusu. Ma’aikacin da ya ji rauni zai sanar da shugabansa cikin kwana 14, shugaban kuwa ya kai rahoto ga hukumar asusun cikin kwana 7. Nan ne aka cuci wannan baiwar Allah, gama ba a rubuta kome ba, abin da ba a rubuta ba kuwa da wuya a biya shi.

Duk wanda irin wannan ta same shi, ya rubuta ranar da lokacin da sunayen shaidu, ya miƙa takardar, ya ajiye kwafi. Haƙuri halin kirki ne, amma ba ya sauke hakki daga wuyan shugaba. Allah ya sa mu gane.